Rajista ko lissafin bara: da wanne za a yi odar abincin taro?

"Jama'a, taron kwana biyu muke shiryawa a Kano, Alhamis da Juma'a, shiga kyauta. Mutum 300 sun yi rajista. Bara 250 suka yi, 160 suka zo. In yi odar abincin rana da rajista, ko da lissafin bara?"

Hajiya, ki bi lissafin bara. Rajista kam tana da amfani idan mutane sun biya kuɗin shiga, iyakarta ke nan. Na taɓa dogara da ita a taron kyauta, ƙarfe huɗu na yamma ina tsaye kan kuloli uku na shinkafa da ko buɗe su ba a yi ba, ga kuɗi an riga an biya.

Tun daga nan nake adana takardar sa hannu ta kowace rana, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. A taronmu na ƙarshe ita ta nuna mini cewa mutane na zamewa da zarar an gama bikin buɗewa, manyan baƙi sun fita da tawagarsu. Na rage odar, gabana na faɗuwa. Aka ci aka ƙoshi, roba shida suka rage, masu shara suka tafi da su gida.

Naki lissafin ga shi: 160 cikin 250 kashi 64 ne cikin ɗari, ke nan daga 300 ki sa ran kamar 190. Sai ki ƙara waɗanda ba sa rajista amma suna cin abinci, wato direbobi, 'yan jarida, masu gadi da masu kula da lasifika, a ce 25. Ranar Alhamis 215 ya isa, tunda ba a rasa masu azumin nafila. Ki dai bincika ko 160 ɗin nan da safe aka ƙirga su, don adadin safe yakan fi na lokacin abinci.

Juma'a ce mai rikici. In sai bayan masallaci za a ci, kuma abin da ya rage zaman rufewa ne kawai, 'yan nesa daga masallaci za su kama hanya don kada dare ya yi musu. Ni 160 zan ce. Amma in a zaman nan za a raba takardar shaida ko kuɗin mota, kada ki rage ko roba ɗaya.

Wani abu kuma, ki yi hattara da wasu masu girkin taro. Za su rubuta 215 a rasit su kawo 190, sun san ba mai ƙirgawa. Ki sa mutum biyu su ƙirga robobin a bakin mota, su buɗe na ƙasan kwali su ga naman, sannan a biya cikon kuɗi. Ku kuma yi yarjejeniya a rubuce cewa sai ƙarfe goma na safe za ki ba da adadin ƙarshe.