Gargaɗi ga masu sayen mota a Kebbi: ana rufe wutar eyabag da baƙin tef a sayar muku

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya sami ƙanena ne ya sa na rubuta wannan, kuma ina roƙon duk mai shirin sayen mota 'yar Kwatano ko ta hannu ya karanta kafin ya biya kuɗi.

Wata huɗu da suka wuce ya sayi Corolla ƙirar 2010 hannun wani dillali a nan Birnin Kebbi. Ba zan kama suna ba, don maganar tana gaban manya. Mota fes, fenti na ƙyalli, inji shiru, kuma babu wata wuta da ke kunne a mita. Wannan rashin wutar ma shi dillalin ya riƙa nuna mashi, yana cewa: "Alhaji, duba da idonka, ko ɗaya babu." Da wannan motar ya yi ta zirga-zirga da iyalinsa, Jega, Koko, har Yauri, hankalinsa kwance.

Makon jiya ya kai ta wajen mai wayarin saboda batir. Bawan Allahn nan ya murɗa makulli, ya tsaya yana kallon mita, ya kashe, ya sake murɗawa. Sai ya ce: "Yallaɓai, ina wutar eyabag ɗinka? Ban ga ta fito ba." Ƙanena ya ce ai lafiyarta lau shi ya sa ba ta fitowa. Ya ce a'a, mai lafiya ita ce ke fitowa sannan ta ɗauke.

A nan ne yawancinmu ke da kuskuren fahimta, kuma da shi ake cutar mu. Eyabag shi ne balan-balan ɗin da ke fitowa ya tare mutum in an yi karo. Wutarsa yawanci ja ce, hoton mutum zaune da wani ƙwallo a gabansa, wasu motocin kuma su rubuta `SRS` ko `AIRBAG`. Duk lokacin da ka murɗa makulli zuwa `ON`, akwai wata 'yar kwamfuta da ke ƙasan wajen giya, aikinta kawai kula da eyabag da bel ɗin kujera. Takan bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya tana dubawa: na sitiyari, na gaban fasinja, na gefen kujeru, na bel, da na'urorin da ke jin karo. Tana cikin wannan binciken wutar na kunne. A Toyota da Honda kamar daƙiƙa 6 ne. In ta iske komai daidai sai ta kashe wutar. In ta ƙi mutuwa, ko ta mutu ta dawo, ko tana ƙyaftawa kana cikin tafiya, to kwamfutar ce ke gaya maka ta ga matsala, kuma ba ta da tabbacin za ta iya buɗe eyabag ranar da ake buƙata. Wasu motocin ɓangaren da ya lalace kaɗai suke kashewa, wasu kuma su dakatar da tsarin gaba ɗaya, kuma daga kujerar direba ba ka da hanyar sanin wanne ne naka. Wutar da ba ta fitowa sam kuwa ta fi muni, don ko dai ta ƙone, ko wani ya toshe mata baki.

Mutane na ɗauka balan-balan ɗin sitiyari kaɗai ake nufi. Bel ma yana ciki. A cikin inda bel ke naɗewa akwai wani ɗan abu mai fashewa, da zarar an yi karo sai ya fizge bel ɗin ya manne ka da kujera kafin jikinka ya fara tafiya gaba. Eyabag ɗin kuma ya cika cikin abin da bai kai ƙyaftawar ido ba. Tare aka tsara su yi aiki, kuma kowannensu sau ɗaya yake tashi. Wanda ya tashi ya gama, sai dai a sa sabo. In tsarin a kashe yake, bel zai riƙe ka kamar na tsofaffin motoci, amma wancan fizgar da balan-balan ɗin babu su, kai da ƙirji sitiyari za su tarar.

Mai wayarin ya kwance mitar a gabanmu. A bayan gilashin, daidai ramin wutar eyabag, an liƙa baƙin tef ninki biyu. Yana ɓare shi, wuta ta fito ja, ta zauna. Ashe tun ranar da aka sayi motar tana kunne, ba mu dai gani. Ya jona kwamfutar bincike, ta kawo `B1801` da `B1806`, wato layin eyabag na direba da na fasinja a yanke suke, da wasu lambobi biyu na bel. Ya cire kan batir, ya jira kamar minti biyu, sannan ya buɗe murfin sitiyari. Babu komai ciki sai soso da tsumma da aka cusa don kada murfin ya loɓa. Gefen fasinja ma haka, an sake lulluɓe dashbod da sabuwar fata. Motar ta taɓa yin karo mai ƙarfi, komai ya tashi, aka gyara gaba aka yi fenti, aka bar cikin fanko. Wallahi da na ga tsumman nan sai da jikina ya mutu, don a kujerar gaban nan matarsa ke zama.

Dalilin masu wannan aiki kuɗi ne. Motocin da suka yi haɗari a waje ana sayar da su da arha a gwanjo. Gyaran gaskiya yana buƙatar eyabag biyu, bel biyu, sau da yawa dashbod, da gyara ko sauya kwamfutar da ta riƙe tarihin karon. Tef kuwa nawa yake? Bambancin nan shi ke shiga aljihunsu, kai kuma ka biya kuɗin motar da ba ta taɓa haɗari ba.

Tef ɗin shi ne ha'incin marasa wayo, kuma shi ya fi saurin kamuwa. Mai wayarin ya nuna mana wasu hanyoyi biyu da yake gani. Ta farko, su yanke layin wutar eyabag su haɗa ta da wutar mai ko ta caji. Kana murɗa makulli za ta fito, kana tada inji ta ɗauke, sai ka ce lafiya. Maganin wannan sauƙi gare shi: murɗa makulli zuwa `ON` amma kada ka tada motar, ka ƙirga goma a hankali. In mai maɓalli ce, danna shi sau biyu ba tare da taka birki ba. Wutar eyabag ta gaskiya za ta mutu ita kaɗai, ta bar ta mai da ta batir a kunne. In ta zauna tare da su har sai inji ya tashi suka ɗauke lokaci guda, an yi mata aiki.

Ta biyun ita ce mugunyar. Kwamfutar ba ta ganin eyabag da ido, yadda layin ke tare wuta kawai take aunawa, kuma na mai lafiya yana tsakanin om 2 zuwa 3. Sai su sami ɗan rizisto, wani ƙaramin abu mai tare wuta, mai wannan awon su soka a soket ɗin da eyabag ya kamata ya shiga. Kwamfuta ta ɗauka yana nan, wuta ta fito ta mutu daidai lokacinta, ko an jona na'urar bincike ba za ta nuna komai ba. Wannan sai ido da hannu. Dubi murfin sitiyari da rana: launinsa ya zo ɗaya da sauran? Tambarin ya zauna daidai, ko akwai alamar gam a gefe? Rubutun `SRS AIRBAG` na gaban fasinja a nutse yake cikin roba tsaf, ko ya dushe kamar an shimfiɗa fata a kai? Ja kowane bel har ƙarshe ka sake shi. In yana komawa da ƙyar, ko yana da alamar ƙuna ko ɗinki, ko launin na direba ya bambanta da na baya, ka yi tambaya. Dubi tambarin gilashin gaba ka gwada da na ƙofofi, don eyabag ɗin fasinja kan fasa gilashi in ya tashi. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce, amma in biyu ko uku suka haɗu, a kwance sitiyari a gani kafin a biya. Mai gaskiya ba zai hana ba.

Wani abu kuma game da "an sa mata kwamfuta". 'Yar ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da waya, yawancinsu inji kaɗai suke karantawa. Dillali zai iya nuna maka ta ce babu matsala, alhali ba ta ko leƙa ɓangaren eyabag ba. Ka je da mai wayarinka, ba nasu ba, ka ce ya shiga `SRS` a gabanka. In motar daga Amurka ta fito, ɗauki lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka bincika a intanet. Sau da yawa hotunanta na wurin gwanjo kan fito, har da balan-balan a rataye.

Don kada in ɗora wa kowa laifi, ba duk wutar da ta zauna ba ce alamar an cuce ka. Sau da yawa soket ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin kujera ne ya saki, saboda ja da turawa ko kayan da ake cusawa a wurin. Wani lokaci naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyari ce ta tsinke, kuma za ka ga hon ko maɓallan sitiyari sun daina aiki tare da ita. Raunin batir na kawo ta, haka ruwan da ya kwanta ƙarƙashin kafet da damina ko wajen wanki. Wasu gyaran ba su da tsada. Amma ko dalilin ƙarami ne, sakamakon ɗaya ne: har sai an gyara, kada ka sa ran eyabag. Saboda haka in wani ya ce kawo in kashe maka wutar, ka tambaye shi me zai gyara. Goge lamba ba tare da gyara ba, wutar za ta dawo. Kuma kada ka bari yaron gareji ya sa gwajin wuta ko mitar awon wuta a wayoyin nan masu ruwan ɗorawa, don 'yar wuta kaɗan na iya tada eyabag a fuskarsa.

Da muka koma wajen dillalin da tsumman a leda, cewa ya yi haka ya saye ta, kuma ai "saye ya wuce". Mun ce mashi aibin da aka ɓoye wa mai saye yana ba shi damar mayar da kaya, malamai ma haka suka ce, kuma tef ba a bisa kuskure yake liƙa kansa ba. Abin da ya raunana mu shi ne takardar cinikin ba ta ambaci komai kan haɗari ko eyabag ba. Duk mai saye ya sa a rubuta a fili, gaban shaidu, cewa eyabag da bel na asali suna nan cikakku, in aka iske akasin haka za a mayar da kuɗi.

Yanzu shugabannin 'yan kasuwar sun kira zama ranar Asabar, in ba a daidaita ba kotu za mu. Motar na ajiye a gida, ƙanena ya hana kowa shiga. Ranar da muka je mun ga wasu motoci guda uku a layi wajen mutumin nan, an wanke su ana jiran masu saye.