Fulawar sallah da na saya: kaneshan ya yi ƙoƙari, amma soson ya ɓata min rai

Gaskiya matar nan ta iya jera fulawa, wannan ba zan hana ta ba. Na yi odar furen ado a wajenta na tsakiyar teburin cin abinci saboda baƙin sallah, na kuma faɗa mata tun farko ina so ya kai ƙarshen yawon sallah, kun dai san zafin Kano a irin wannan lokacin, wuta ma ba kullum ba balle a dogara da esi. Ta ce kar na damu Hajiya, furen daga Jos yake zuwa mata sabo. Ta sa jan ros a tsakiya, farin kaneshan kewaye da shi, sai ganyen turare da ya sauko ta gefen tasar, kuma ta yi shi gajere yadda mutum zai ga na gabansa in ana cin abinci, wannan ya burge ni sosai.

Shawarwarinta ma na ji daɗinsu. Ta ce kar in ajiye ayaba ko mangwaro kusa da shi domin kayan marmari in suna nuna akwai iskar da suke fitarwa mai tsufar da fure da wuri, musamman kaneshan, kuma kar ya zauna saitin fanka ko inda rana ke shigowa ta taga. Ta ba ni haɗin ruwan da zan riƙa ƙarawa safe da yamma: ruwa lita 1, ruwan lemon tsami cokali 2, suga cokali 1, sai bilic rabin ƙaramin cokali. Sugan shi ne abincin furen, lemon tsamin na taimaka wa ruwan hawa cikin kara, bilic kuma yana hana ruwan ruɓewa da wari. Duk na bi.

To washegarin sallah da hantsi sai ga ros ɗin tsakiya duk sun sunkuyar da kai, wuyan ya lanƙwashe dab da furen alhali ko gama buɗewa ba su yi ba, na gefe kuwa ras da su. Ruwa na nan a tasa, soson a jiƙe in ka taɓa. Na zaro ɗaya na ga gindin karan a bushe ƙayau, na sa wuƙa na tsaga koren soson nan da ake soka furen a ciki, wallahi cikinsa ko ɗigon ruwa bai shiga ba, har launinsa ya fi na waje haske. Wato danna shi aka yi cikin bokiti don sauri. Shi wannan soson ɗora shi ake a saman ruwa a ƙyale shi ya sha ya nutse da kansa, minti ɗaya zuwa biyu ne fa, amma in aka danna ko aka kwara masa ruwa ta sama waje ya jiƙe ya kulle iska a tsakiya, duk karan da ya faɗa wurin ƙishirwa zai kwana. Mai wannan sana'ar ba za ta ce ba ta sani ba.

Na kira ta, sai cewa ta yi ai zafi ne Hajiya, ros ba ya son zafi. Na ce Anti zafin tsakiya kawai ya sani? Nan raina ya ɓaci, don kuɗin ros ɗin ya fi na komai a ciki, kuma baƙin da na fi ji da su ranar za su zo.

Ni na ceci abin da zai cetu. Na cika baho da ruwa, na yanke kamar inci ɗaya daga gindin kowane kara a karkace, a cikin ruwan don kar iska ta sake shiga, na kwantar da su gaba ɗaya har furen a ciki wajen awa ɗaya. Waɗanda wuyansu bai yi laushi sosai ba sun miƙe, sauran sai shara. Na tsige ganyen ƙasa na zuba su a jug da haɗin nan, na bar kaneshan da ganyen turaren a gefen soson da ya jiƙu.

Kaneshan kam ya kai har aka koma aiki bai nuna komai ba, ganyen turaren ma ko da ya fara bushewa bai yi muni ba. In zan sake saya a lokacin zafi kaneshan zalla zan ce, ros sai dai na yini ɗaya. Amma a wajenta kuma anya, har yanzu ko haƙuri ba ta ba ni ba balle ta canza min ko guda ɗaya.