Matsakaicin kwana 10 da na kwana 50

Matsakaicin kwana 10 shi ne a tara farashin kwana goma na baya a raba da goma, ana sabunta shi kullum; haka na 50 ma da kwana hamsin. Na kwana 10 mai rawar kai ne. Farashi na motsawa ya bi shi, amma in kasuwa na kai-komo wuri ɗaya zai yi ta sa ka saye da sayarwa a banza. Na kwana 50 ba ya ruɗuwa, sai dai yana da nawa. A ce farashi ya daɗe a 100, rana ɗaya ya haura 120 ya tsaya. Ran nan na 10 zai nuna 102, na 50 kuwa 100.4 kacal, kuma sai ya cika kwana hamsin kafin ya kai 120. Dukansu farashin da ya wuce suke tarawa su raba, shi ya sa kafin na 10 ya ƙetare na 50, wato alamar da ake jira don saye ko sayarwa, farashi ya riga ya juya. Ni dai gangaren na 50 nake dubawa don sanin alkiblar farashi.