Wata uku da kwandon kare iska na Rode Blimp a lokeshan

Na sayi wannan kwando ne a farkon hunturun bara, bayan da iska ta lalata mini aikin yini guda a wani fili da ke bayan garin Kano, inda duk kalmar da jarumin ya faɗa sai an ji rugugi a ƙarƙashinta. A lokacin soso kawai nake sa wa doguwar makirufo ɗina, shi kuwa soso amfaninsa a cikin ɗaki ne, domin da zarar iska ta fara kaɗa ganye ya gama nasa aikin.

Kwandon yana kewaye makirufo da iskar da ba ta motsi, ta yadda guguwar waje za ta karye a jikin raga kafin ta isa bakin makirufo, kuma akwai robobi biyu a ciki da suke riƙe ta don kada motsin hannu a kan sandar da ake ɗaga makirufo da ita ya shiga sautin. Yana zuwa da rigar gashi da ake sa masa idan iska ta tsananta. Da rigar na ɗauki hira a tsakiyar Janairu, ƙura tana tashi har ana rufe ido, amma muryar ta fito fes. Abin da na lura shi ne rigar tana ɗan rage kaifin murya, saboda haka ina cire ta da zarar iska ta lafa. Ƙurar hunturu kuma tana sa gashin ya kwanta ya dunƙule, kuma idan ya kwanta ba ya tare iska yadda ya kamata, don haka kullum da yamma sai na kaɗe shi na taje shi. Nauyinsa ya ɗan haura rabin kilo, wanda ba ya da yawa a hannu, amma a ƙarshen sanda mai tsawon mita 3 kafaɗa tana sanin da shi idan fitowa ta yi tsawo.

Abin da nake so mai niyyar saye ya fahimta shi ne iska kaɗai kwandon yake tarewa. Ƙarar janareta sauti ce kamar muryar mutum, tana ratsa gashin ta wuce. Na tabbatar da haka a wani gida inda aka ajiye janaretan fitilu kamar mita 10 daga wurin ɗauka. Na kunna matatar da ke yanke ƙasan sauti a 80 Hz, ta rage rurin, amma bugun injin yana nan a daidai inda muryar namiji take, kuma da na ƙara yankewa da muryar ce za ta rame. Nisa ne ya yi maganinsa. A buɗaɗɗen wuri, duk lokacin da aka ninka nisa sauti yana sauka da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, sai muka janye janaretan zuwa mita 40, wato ninki biyu ke nan, desibel 12, muka ajiye shi a bayan katanga, salansarsa tana kallon waje. Sai da muka nemo waya mai kauri, domin siririya a wannan tsawo tana rage ƙarfin wuta kuma tana zafi. Daga nan na roƙi mai kyamara ya matse hoton har na sauko da makirufo daga santimita 120 zuwa 60 a saman kan jarumar, murya ta ƙaru da wasu desibel 6 a kan ƙarar. Wani ya kawo shawarar a lulluɓe injin da bargo, na ƙi, saboda yana iya yin zafi ya kama da wuta.

Haka ma ƙarar titi, kwandon ba ya tare ta. Doguwar makirufo tana jin abin da ke bayan mai magana kamar yadda take jin shi, saboda haka idan ka nuna ta a kwance kuma titi yana bayansa, ka gayyato adaidaita sahu cikin fim ɗinka. Ina ɗaga ta sama in karkato da ita ƙasa wajen ƙirjin mai magana, ta yadda abin da ke bayan muryar zai zama ƙasar da yake tsaye a kai, ba titi ba. A tsakar gida mai siminti da katangu huɗu kuwa amsa-kuwwa ce ke damu, kuma ana gane ta da tafi ɗaya: idan tafin ya dawo da jela, sai mu shimfiɗa barguna a ƙasa, mu rataye wasu a katangar da kyamara ba ta gani.

Kafin mu bar kowane wuri ina sa kowa ya yi shiru in ɗauki minti ɗaya na sautin wurin, makirufo tana cikin kwandon kamar yadda take lokacin hirar, domin edita ya cike giɓin da ke tsakanin kalamai da sauti iri ɗaya. Wanda yawancin aikinsa a waje yake tsakanin Nuwamba da Fabrairu zai ga amfanin kuɗinsa a makon farko, amma a cikin kasafin ya ware kuɗin doguwar wayar janareta da barguna huɗu.