Cefanen sahur ga mai fama da ciwon kan azumi

Ni dai shekara da shekaru da an yi la'asar sai goshina ya ɗau ciwo kamar an ɗaure min shi da igiya, ba ya sara irin na ɓarin kai, nauyi ne kawai, da an sha ruwa kuma sai ya fara sauka. Ashe sahur ɗina ne, biredi da shayi na zuba sukari cokali uku. To ga abin da na gane bayan na gwada kala kala.

Biredi da shayi shi ya fi sauƙin haɗawa amma gaskiya shi ya fi saurin barin mutum. Farar fulawa da sukari nan da nan suke shiga jini, kafin azahar cikinka wayam, ga azumi na wajen awa 14 a gabanka. Indomi ma haka take, ga gishiri da ke jawo ƙishirwa.

In kuɗinka mudu ɗaya zai saya, sayi wake. Alala ko ɗanwake ko wake da shinkafa amma waken ya fi yawa, suna daɗewa a ciki saboda a hankali suke narkewa, in ka samu dafaffen ƙwai ɗaya ka ɗora. Gero na biye masa, fura da nono ko kunun gyaɗa mai kauri, sai dai kar a cika sukari don nan ake ɓata abin. Dabino da lemon kwalba kuwa ba su riƙe ciki, dabinon a bar shi na buɗa baki, uku sun isa.

Wani abin da mutane ba su lura ba, mai cin goro ko shan kofi da shayi kullum, in ya daina rana ɗaya kansa na iya yin ciwo ko da tuwo ya ci ya ƙoshi. Wannan ba cefane ke gyara shi ba, rage shi za ka fara yi kaɗan kaɗan tun sati biyu kafin azumi. Ruwa ma a riƙa sha tsakanin magariba da asuba, ba a ɗura fiya wata uku lokaci guda ana kiran assalatu ba.

Wajen magani farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, ibufurofen kar a sha shi ciki ba komai, balle mai olsa.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya, shi na'urar gwajin suga ta fi masa komai a cefanen nan, kuma ya ga likitansa kafin watan ya kama. In ciwon kan ya zo da karkarwa, gumi mai sanyi ko jiri, ya gwada nan take, in ta nuna ƙasa da 70 mg/dL ya karya azumin da abu mai zaƙi, kar ya ce bari ya jira magariba.