Gargaɗi ga Masu Sayen Atamfa: An Sace Bidiyona, Ana Damfarar Masu Ankon Biki da Shi

Ina sayar da atamfa da leshi da shadda daga gidana a nan Gombe. Kantin Kwari nake zuwa sari a Kano, in dawo in ɗauki bidiyon kayan da wayata, in rubuta bayani a ƙarƙashinsa, in ɗora a TikTok da Facebook. Ranar Asabar da ta gabata, bayan sallar La'asar, wata dattijuwa daga Pantami ta yi sallama a gidana tare da 'yarta. Ba ta taɓa ruwan da na kawo mata ba, sai ta miƙo mini waya ta ce, "'Yar nan, wannan hannunki ne ko ba hannunki ba ne?" Hannuna ne kuwa, da lallen da aka yi mini lokacin sunan ɗan ƙanwata, ga kuma koren labulen ɗakina a baya. Na ce, "Hajiya, hannuna ne, atamfar ma tawa ce, amma shafin nan ba nawa ba ne, kuma ban san mai lambar nan ba."

Abin da ya faru shi ne, wani ya sauke bidiyona, ya ɗora hoton fure a kusurwar da sunan shafina yake, ya cire muryata ya sa kiɗa, sannan ya rubuta nasa bayanin a ƙasa. Bai canza komai a cikin kayan ba, domin kayan na gaske ne, shi ya sa duk iya kallon da mutum zai yi wa bidiyon ba zai ga ƙarya a ciki ba. Ƙaryar tana cikin rubutun da ke ƙasa, wanda yawancinmu muke wucewa da ido sai mun isa wurin farashi. Ga yadda ya rubuta, na cire lambar da kalmomin neman kaya da ya jera a ƙarshe kawai:

"Sabuwar atamfa, auduga zalla, kai tsaye daga kamfani. Turmi N9,500, daga turmi 10 zuwa sama N8,500. Ragin kuɗi na kwana 2 kacal. A yi magana ta WhatsApp kawai, ba ma ɗaga kira saboda yawan kwastomomi. A biya, a turo shaidar biya, kaya su iso cikin awa 24. Muna aikawa ko'ina."

Farashin nan shi ne ya fara jan Hajiya, kuma shi ne ya kamata ya fara tsayar da ita. Wannan atamfar da ke cikin bidiyon, N12,000 na saro kowane turmi nata. Idan aka haɗa kuɗin mota da na dako da ɗan abin da zan samu, N14,000 nake sayarwa, kuma a Babbar Kasuwar Gombe ma kusan haka take. Wanda ya ce zai ba ki ita a N8,500 yana nufin zai yi asarar N3,500 a kan kowane turmi tun kafin ya biya kuɗin mota, wato N70,000 a kan turmi 20. Babu ɗan kasuwar da zai yi haka don baƙuwar da bai taɓa gani ba. Ragi na gaskiya yana nan, ni ma ina yi, amma a irin wannan atamfar ribar ba ta da faɗin da za a cire kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a ce har yanzu ana kasuwanci. Sai dai mutumin yana da wayo, domin bai sa N3,000 ba, wanda kowa zai gane wasa ne. Ya zaɓi farashin da mace za ta ce a ranta, "Wataƙila shi daga kamfani yake ɗaukowa."

Akwai kuma abin da bayaninsa bai faɗa ba. Mai sayar da kaya na gaske yakan rubuta yadi nawa ne, saboda ya san rigimar da ke biyo baya idan tela ya auna ya ga bai cika ba: turmin atamfa yadi 6 ne, leshi yawanci yadi 5. Yakan faɗi sunan atamfar, ya faɗi turmi nawa ya rage a kowace kala, musamman ga masu anko, waɗanda kullum tambayarsu ita ce ko za a samu iri ɗaya da yawa. A bidiyon nan turmi 8 kawai na samu na wannan zanen, kuma na rubuta haka a shafina. Shi kuwa da Hajiya ta tambaye shi turmi 20, nan take ya ce akwai har 100. Wanda ba shi da kaya ba ya taɓa cewa sun ƙare.

Matakan tuntuɓar da ya tsara su ne ainihin tarkon, kuma a nan nake so a fi mayar da hankali. Ya ce WhatsApp kawai, ba kira. Dalilin ba yawan kwastomomi ba ne. Hannun da ke cikin bidiyon na mace ne, shafin ma sunan mace yake ɗauke da shi, idan ya ɗaga waya muryarsa za ta tona shi. Babu adireshi a bayanin, babu sunan kasuwa, balle layi ko lambar shago. Da Hajiya ta tambayi inda suke, sai aka fara tambayarta ita a ina take. Da ta ce Gombe, aka ce su suna Kano. Daga baya wata mata daga Kano ta rubuto mini cewa ita kuma an ce mata suna Gombe. Ko'ina mai saye yake, shagon yana wani gari ne da ba zai iya zuwa ya gani da idonsa a ranar ba.

Hajiya ta tara kuɗin ankon bikin 'yarta daga hannun mata 20, 'yan uwa da maƙwabta. An lissafa mata N170,000 na turmi 20, da N6,000 kuɗin aikawa ta mota. Lokacin da 'yar ta shigar da lambar asusun mai lamba 10 a manhajar banki, sunan da ya fito na namiji ne, wanda bai yi kama da sunan shafin ba ko kaɗan. Ta nuna wa mahaifiyarta, aka tambaya, aka ba su amsar cewa asusun maigida ne, nata yana da matsala. Zan faɗi gaskiya a nan, matan aure da yawa suna karɓar kuɗin kasuwanci ta asusun mazajensu, saboda haka wannan shi kaɗai ba hujjar damfara ba ce. Amma idan ya haɗu da ƙin ɗaga kira da rashin adireshi da farashin da ya gaza na sari, to ya isa a dakata. Sun tura N176,000.

Washegari aka turo musu hoton buhu ɗaure da igiya, an rubuta sunan Hajiya a jiki, ba tare da lambar direba ko lambar mota ba. Da yamma aka rubuto cewa motar ta lalace kusa da Darazo, direban yana neman N10,000 ya sauya wa kayan mota, kuma a tura zuwa wani asusun daban. Wanda ya riga ya saka N176,000 ba ya son ya rasa su saboda N10,000, mutumin kuma ya san da haka. Suka tura. Daga nan saƙonsu ya daina wucewa, hoton da ke kan lambar ya ɓace, shafin kuma ya sauya suna. Jimilla N186,000, saura kwana 12 biki.

Ga yadda aikawa ta gaskiya take, don a kwatanta. Idan na kai kaya tasha, ina tsaye ake lodi, in karɓi lambar wayar direba da lambar motar, in tura wa mai kaya, shi da kansa ya kira direban ya ji inda zai same shi. Sau da yawa ma kuɗin mota sai kaya sun isa mai su yake biya a hannun direba. Hoton buhu ba shaida ba ne, domin ko tsumma aka cusa a ciki haka zai fito.

Kalmomin neman kaya da ya jera a ƙarshen bayanin su ne suka kai bidiyon gaban 'yar Hajiya. Ni nakan sa huɗu ko biyar da suka dace da abin da ke cikin bidiyon da garin da nake, kamar #atamfa da #ankonbiki da #Gombe. Shi ya jera kusan 30: shadda, leshi, mayafi, abaya, kayan lefe, kayan Sallah, sannan Gombe, Bauchi, Kano, Kaduna, Yola, Maiduguri, Jos, duk a ƙarƙashin bidiyon atamfa guda. Ba mai neman kayansa yake nema ba, taru ya watsa don ya kama duk wanda ya rubuta wata kalma ta biki ko ta Sallah. Da muka duba sauran bidiyoyin shafin, kowanne da irin ɗakinsa da irin hannun da ke cikinsa, wani fari, wani baƙi, wani da zobe, amma rubutun da ke ƙasa iri ɗaya ne kalma da kalma. Wannan dubawar ba ta ci mana minti biyu ba.

Gwajin da nake ba kowa shawara, har da wanda zai saya a wurina, shi ne kiran bidiyo kai tsaye kafin a tura ko kwabo. A ce wa mai kayan ta ɗauko wannan turmin da aka gani, ta warware shi, ta juya bayansa, ta nuna rubutun da ke bakin zanen, ta kuma ƙirga adadin da ake so a gaban kyamara. Idan ta ce sabis ba kyau, a nemi ta rubuta sunan mai saye da kwanan watan ranar a takarda, ta ɗora a kan atamfar ta ɗauki sabon bidiyo. Mai bidiyon sata ba zai iya ko ɗaya ba, domin kayan suna ɗakin wata. Idan ankon mutane da yawa ne, a fara sayen turmi ɗaya a gani, ko a tura wani ɗan uwa da ke garin ya je ya biya hannu da hannu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya tsaya jiran amsa ko jin kunyar mutane. Ya ɗauki hoton hirar da bayanin bidiyon da shaidar biya tun kafin a goge, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce domin su tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin hukumar EFCC da ke nan Gombe. Irin waɗannan mutane suna kwashe kuɗin da wuri, saboda haka kowace awa tana da muhimmanci. Hajiya ta kwana uku tana sa ran motar za ta iso kafin ta je banki.

Na kai ƙarar shafin a manhajar, kuma daga yanzu sunan shafina a tsakiyar bidiyo zai riƙa fitowa, a kan zanen kansa, inda fure ba zai rufe shi ba tare da ya rufe kayan ba. Ba ni da wakili, ba ni da reshe a Kano ko Bauchi, kuma ina ɗaga kira. Turmi 5 da suka rage na wannan zanen na ba Hajiya a kan kuɗin sari, sauran 15 kuma ranar Talata zan shiga Kantin Kwari in duba ko za a samu irinsa.