Jan zane a ƙasa ko motsin jikin bos?

"'Yan'uwa, duk wanda ya gwada gem ɗina na waya sai ya ce bos ɗin, wato babban abokin gaba, yana cin zali. In sa jan zane a ƙasa kafin ya kai duka, ko in bar motsin jikinsa ya nuna?"

Motsin jiki, malam, kada ka yi dogon tunani.

Bos ɗina na farko wani ƙato ne mai guduma, a manhajar haɗa gem ta Godot na haɗa shi. Ƙanena ya yi ta mutuwa a hannunsa yana cewa "wai me ya buge ni?" Da na duba AnimationPlayer, inda ake tsara motsi, sai na ga daga ɗaga gudumar zuwa saukarta firem 12 ne kacal, a gem mai firem 60, wato hotuna 60, cikin daƙiƙa. Mutum kuwa kafin ido ya gani yatsa ya amsa yana cin kusan kwatan daƙiƙa, wato firem 15, ban da jinkirin da gilashin waya ke ƙarawa. Ashe laifina ne, ba na yaron ba. Na mayar da shi 40: ƙaton ya ja ƙafa baya, ya ɗaga gudumar sama, ya ɗan dakata da gurnani, sannan ya sauke. A gwaji na biyu yaron ya kauce har da ihu. Daga ranar in an buge shi "na yi latti" yake cewa, kalmar da nake so ka ji a bakin masu gwada maka ke nan.

Bayan dukan sai ka ba mutum ramuwa, kuma lissafa ta ake yi. A nawa, ragowar mirginawar kauce wa dukan firem 15, komawa kusa da bos 15, saran takobi 20, jimla 50. Sai na bar gudumar ta maƙale a ƙasa firem 70, don ya sara ya samu ja da baya. In ka ba da 50 cif, gwani kaɗai zai ci moriya.

Da jininsa ya kai rabi yakan tsaya ya yi ruri na daƙiƙa 2 ba ya cutar da kowa, sulkensa ya zube, sannan ya ƙara duka na biyu a bayan na farko. Ɗaga gudumar farko ban taɓa tsawonta ba, don kada abin da mutum ya koya ya tashi a banza.

Jan zanen na taɓa saye, kuɗina har yau yana min ciwo: mutane ƙasa suke kallo, sun manta da bos. Duwatsun da ke faɗowa daga inda ido bai kai ba kawai nake sa wa.

Kuma ka yi hattara da masu sayar da motsin bos. Wasu rage gudun bidiyon talla suke yi, sai ka biya ka tarar dukan a dunƙule yake, babu ɗagawa babu hutu. Ka ce su faɗa maka firem nawa ne kafin duka ya sauka. In suka fara kame-kame, riƙe kuɗinka.